Suna Linzami Ne: Sharhi a Kan Allunan Shagunan Aski da Kitso a Suleja



Ranar wata Alhamis da yamma na taso daga rumfata a Kasuwar IBB, ban hau Keke ba, na ce bari in taka da ƙafa in miƙe jijiya. Ban san abin da ya sa ba, sai na shiga karanta allunan shagunan aski da na kitso da nake wucewa. Kafin in iso gida na karanta sun fi ashirin. Da na zauna bayan Isha'i na ce bari in tuna sunayensu, wallahi uku kacal suka dawo mini. Sauran duk sun narke sun zama abu guda a kaina: hoton wani Baturen ƙwallo, launin ja da ruwan ɗorawa, da dogon Turanci.

Wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami. Yaranmu da yawa sun shiga sana'ar kilifa, 'yan matanmu da zawarawanmu sun shiga kitso da lalle. Suna cin bashi ko su ɗauki adashi, su biya haya ta shekara, su sayi madubi da janareta, sannan sunan shagon su bar wa mai buga allo ya zaɓa musu a tsaye cikin minti biyar. Ni ɗan kasuwa ne, ba mai aski ba. Amma na shekara talatin ina kallon yadda mai saye yake komawa wurin da ya saba, kuma a ganina yawancin allunan nan suna yi wa masu su ɓarna ba su sani ba.

Garin da ya san darajar suna

In akwai garin da ya kamata ya fahimci wannan magana, to Suleja ce. Dattawan garin nan da muka zo muka tarar sun tashi ne a Abuja, domin sunan garin ke nan tun da Abu Ja, ƙanen Sarkin Zazzau Makau, ya kafa shi a 1828. Da gwamnatin Murtala ta yi dokar sabon babban birnin tarayya a 1976, sai sunan ya koma can, garin ya ɗauki sabo daga Sarki Sulaimanu Barau. Ku duba sunayen biyu da kyau. Abu Ja. Sule Ja. Kowanne gajere ne, sunan mutum ne da aka sani, kuma Bagwari da Banufe da Bayarabe da Ibo duk suna iya faɗinsa ba tare da harshe ya karye ba. Shi ya sa sabon sunan ya zauna daram a bakin direbobi.

Haka Ladi Kwali, wadda ta yi aikin tukwane a garin nan har hotonta ya hau takardar naira 20. Sunanta ne da sunan garinsu, shi ke nan. Ba ta yi wa kanta laƙabin Landan ba, amma aikinta ya je Landan.

Allo na baƙo ne, suna na ɗan gida

Abu na farko da masu shago ke ruɗewa a kai shi ne aikin allo da aikin suna. Allo yana yi wa baƙo aiki sau ɗaya: ya gani, ya gane nan ana aski, ya shigo. Daga ranar ba zai sake ɗaga kai ya karanta ba. Wa yake karanta allon masallacin unguwarsu? Abin da ke ci gaba da aiki shi ne sunan da ya rage a bakinsa. Da shi zai ce wa abokinsa a waya, "Ina wurin wane, same ni can." Da shi zai aiki ɗansa ranar Alhamis. Da shi zai amsa in an tambaye shi a wurin ɗaurin aure, "Kai wa ya yi maka gyaran fuskan nan?"

Ku yi lissafin da kanku. A ce aski naira 500 ne. Mai wucewa ya ba ka 500 ya tafi, wataƙila har abada. Wanda yake zuwa duk mako biyu zai zauna a kujerarka sau 26 a shekara, naira 13,000 ke nan, ban da 'ya'yansa maza da zai riƙa jawowa. In kana da irinsa arba'in, kana da kai 1,040 a shekara tun kafin baƙo ko ɗaya ya leƙo. Su ne ke biyan haya da man janareta a watan da gari ya yi tsit, ba cunkoson jajibirin Sallah ba. Kuma akasarinsu wani ne ya turo su. Saboda haka sunan da ba ya iya tafiya daga baki zuwa kunne ya toshe babbar ƙofar cinikinka.

Wanzaman da muka taso muka gani a gida ba su da allo. Zabira ce a kafaɗa, da aska, da ƙaho. Amma kowane gida ya san wanzaminsa da suna, shi ke askin suna, shi ke kaciya, ɗansa ya gaji gidajen bayansa. Ba ina cewa a koma zabira ba. Ina cewa abin da ya riƙe musu gidaje shekara da shekaru, wato a san ka da sunan da ake kiranka, shi ne yaranmu suka jefar da hannunsu.

Kayan aro

Kashi mafi yawa a allunan da na karanta shi ne sunan aro. Maitama kaza, Asokoro kaza, Dubai kaza, sai a ƙara da Egzakatib ko Intanashinal. Na gane dalilin. Rabin garin nan da asuba yake fita ta Madalla da Zuba ya tafi aiki Abuja, yaro yana so ya nuna wa ma'aikaci cewa askinsa bai gaza na can ba. Amma illa biyu ke ciki.

Ta farko, ma'aikacin nan ya san Maitama, a can yake wuni. In ya shigo ya tarar da kujera ɗaya, fanka ba ta juyi, tawul ya sha jiki, to sunan da kansa ya zama abin auna ka, kuma ka faɗi awon. Da ka ce masa shagon wane ne kawai, da ya auna ka da askin da ka yi masa, wanda wataƙila ya fi na can kyau. Kayan aro ba ya rufe katara. Ta biyu, talakan unguwa, wanda shi ne zai riƙa zuwa duk mako biyu, in ya ga Egzakatib sai ya ɗauka kuɗin wurin ya fi ƙarfinsa, ya wuce bai ko tambaya ba. Ka kori na gida, ba ka kama na dawa ba.

'Yan uwan waɗannan su ne masu sa sunan ƙungiyar ƙwallo ko na ɗan wasa. Ranar da ka rubuta Chelsea a goshin shagonka, ka sallami 'yan Arsenal da 'yan Manchester na layinku, ko kuwa ka mai da shagon dandalin musu, dattijo ya leƙo ya ga hayaniya ya juya. Ɗan wasa kuma yana canza ƙungiya, yana tsufa, allonka yana tsufa tare da shi.

Sunaye masu albarka da suka yi yawa

Kashi na biyu shi ne nawa ya fi shafa, kuma zan faɗe shi da taka-tsantsan. Alheri, Nasara, Rahama, Albarka, Godiya. Sunaye ne masu kyau, niyyar masu su ma mai kyau ce. Matsalar ita ce a titi ɗaya za ka samu Alheri mai gyaran waya, Alheri mai sayar da magani, Alheri mai ruwan leda, Alheri mai aski. Ka ce wa mai Keke ya kai ka Alheri, zai ce maka wanne? Sunan da dole sai an bi shi da bayani bai gama aikinsa ba.

Wanda ya fi damuna shi ne rubuta sunan Allah ko aya a kan bana. Bana roba ce. Rana ta cinye ta, iskar farkon damina ta yage ta, sai ka tsince ta a kwata ko an shimfiɗa ta ana shanya barkono. Na sha tsayawa in ɗauke irinta da hannuna. Ga kuma abin da ke faruwa a ƙarƙashin sunan: kiɗa na tashi, ana musun ƙwallo da ashar, sannan a gefen sunan ga hoton askin da aka kwashe wani sashe na kai tas aka bar wani, irin wanda hadisin Ibnu Umar da ke cikin Buhari da Muslim ya yi hani da shi, wato ƙaza'u. Malamai sun yi bayani a kan iyakarsa, ba nan ne wurin fatawa ba. Abin da nake nufi a matsayina na ɗan kasuwa shi ne, uban da yake neman inda zai riƙa kai yaransa yana karanta hoton kafin rubutun. In hoton ya ce abu ɗaya sunan ya ce wani, hoton zai gaskata. Mai son albarka ya yi bisimilla in zai buɗe shago, ya tsaida gaskiya a ciniki. Wannan ya fi a rubuta a roba.

Tarkon rubutun Hausa

Masu sa sunan Hausa ina yaba musu, amma su ma akwai rami a gabansu. Na ga allon da aka rubuta Gidan Gashi. Mai shagon gashin kai take nufi. Ni kuwa da na hango daga nesa na ɗauka kifi ko kaza ake gasawa, domin a rubuce kalmar ɗaya ce, murya ce ke raba su, allo kuwa ba shi da murya. Kafin ka biya kuɗi, rubuta sunan a takarda ka miƙa wa wanda bai san sana'arka ba, ka ce ya karanta da ƙarfi ya gaya maka me ake sayarwa.

Sai haruffa masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ. Da yawa daga masu buga bana ba Hausawa ba ne, wasu kuma salon rubutun da suka zaɓa a kwamfuta ba shi da haruffan. Ka ba su Ƙawa su buga maka Kawa, ka ba su Baƙi su buga Baki. Ko dai ka tsaya a kansu ka duba a fuskar kwamfuta kafin a buga, ko ka zaɓi sunan da ba shi da lanƙwasa tun farko. Aski, kitso, lalle, ado, kwalliya, duk lafiya lau suke fita.

Akwai kuma wata kalma da Allah Ya ba mu a ɓagas ba mu lura ba: salon. A Turanci wurin gyaran gashi ne. A Hausa kuwa salo ne da ɗafa-ƙeya, kamar a ce salon wane. In ka rubuta Salon Wane, Bahaushe ya karanta irin yayin wane, Ibo da Bayarabe su karanta shagon gyaran gashi na wane, kowa ya fahimta daidai. A gari mai gauraye irin Suleja wannan ba ƙaramar riba ba ce. Sai dai a kula, harafin o ɗaya ne a ƙarshe. Yawancin allunanmu biyu suke sawa, wanda a asalin Turancin mashaya yake nufi ko ƙaramar mota. Jama'a sun saba ba sa damuwa, amma tunda gyaran kyauta ne, me zai hana?

Yadda muka yi da shagon ɗan ƙanena

Bari in ba da misalin da na sa hannu a ciki. Ɗan ƙanena ya gama koyon aski ya kama shago a bakin wani titi, akwai bishiyar mangwaro a gabansa. Yaron dogo ne, tun yana ƙarami kowa Dogo yake ce masa. Ya je aka buga masa bana mai faɗin ƙafa 4 da tsayin ƙafa 2, sunan kalma biyar: Maitama, Egzakatib, Babin, Salun, Intanashinal. A Turancin haruffan sun haura 40. Kashi ɗaya cikin uku na banar hotunan kawuna ne, ga lambar waya biyu a ƙasa. Abin da ya rage wa sunan bai wuce faɗin inci 32 ba, aka cusa shi a layi uku, tsayin kowane harafi bai kai inci 3 ba.

Masu aikin allo suna da wani awo da suke bi: kowane inci ɗaya na tsayin harafi, ana karanta shi cikin sauƙi daga ƙafa 10. Harafin inci 3 ke nan ƙafa 30 ne iyakar daɗinsa, ga wanda yake tsaye. Muka auna da taku. Daga ƙofar shagon, a tsallake kwata da filin gaba, zuwa inda Keke ke wucewa, ya kai ƙafa 40. Tsallaken titi ya haura 60. Wato duk wanda ke kan abin hawa launi kawai yake gani. Rubutun kuma ja ne a kan shuɗi, wanda da magariba suke haɗewa su zama duhu ɗaya, alhali bayan La'asar zuwa dare ne cinikin aski yake.

Wata huɗu yana kuka da ciniki. Abin da ya buɗe mini ido shi ne ranar da na turo masa wani maƙwabcina a kasuwa. Na faɗa masa sunan allon, kafin ya iso ya manta rabi, ya tambayi masu shayi a bakin layin, ba wanda ya san wurin. Sai ya shiga wani shagon aski da ke gaba, aka yi masa, kuma har yau can yake zuwa. Da na bi sawu na tambayi masu shayin da kaina ina shagon Dogo, su uku suka nuna mini a tare: "Ga shi can gindin mangwaro." Ashe unguwa ta daɗe da raɗa wa shagon suna, mai shagon ne kaɗai bai halarci sunan ba.

Na zaunar da shi na ce, "Kai Dogo, wane ne Egzakatib a gidanmu?" Ya yi dariya ya ce, "Baba, ai don a ga wayewa ne." Na ce to bari mu gwada wayewar. Muka yi gwaji uku, kuma ina ba kowa shawarar ya yi su kafin ya kashe sisi.

Na farko gwajin waya. Ka kira mutum uku, Bahaushe, da wanda ba Bahaushe ba, da tsohuwa, ka faɗi sunan sau ɗaya kana tsaye a bakin titi cikin ƙarar ababen hawa, ka ce su maimaita. Tsohon sunan ba wanda ya kawo shi cikakke. Salon Dogo kuwa duk sun maimaita. Na biyu gwajin kwana. Ka faɗa wa mutum yau, ka tambaye shi gobe. Na uku gwajin yawo. Ka zaga unguwarka da maƙwabtanta ka tabbatar babu mai aski da ke amfani da sunan, don kada ka yi wa wani talla ko ka jawo rigima.

Sannan muka sake allon, girmansa bai canza ba. Aka yi farin rubutu a kan baƙin fenti. Layin sama SALON, inci 5. Layin tsakiya DOGO, inci 9, wanda a awon nan ya kai ƙafa 90, har tsallaken titi ana karantawa. Layin ƙasa Gindin Mangwaro, inci 3. Jimilla inci 17 cikin 24, sauran 7 aka bar su fili, domin rubutu ma yana son wurin numfashi. Hotunan kawuna muka shigar da su ciki kusa da madubi, inda mai zaɓen aski yake bukatarsu. A gefen allon aka zana kilifa da mataji, don wanda bai iya karatu ba. Lambar waya ta koma jikin ƙofa. Aka ɗaura ƙwan fitila mai caji a sama yana haska allon, saboda kun san halin wutarmu.

Ku lura da dalilin da ya sa mangwaron ya zo a ƙarami. Shagon haya ne. Gobe mai gida zai iya ƙara kuɗi, ko a sare bishiyar, ko aikin titi ya ci wurin. Sunan mutum yana bin sa duk inda ya koma, sunan wuri kuwa a nan ake barinsa. In ya tashi, layi ɗaya za a goge.

Ba zan ce muku ciniki ya ninka cikin mako ba, don bai ninka ba. Abin da ya canza shi ne, wanda aka turo yana isowa. Na sa ya ajiye ƙaramin littafi, duk sabuwar fuska ya tambaya, "Wa ya kwatanta maka?" ya rubuta, in mutum ya dawo ya sa masa alama. Ta haka kaɗai za ka san ko allo ne ke kawo mutane ko baki, kuma ko suna dawowa. In sababbi suna shigowa amma ba sa dawowa, to kada ka zargi allo, ka dubi hannunka da tsabtar kilifarka.

Abu ɗaya da ya rage muka gyara daga baya shi ne asusun karɓar kuɗi. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 mutane suka saba da turawa ta waya. Kwastoma zai tura kuɗi sai ya ga wani suna daban ya fito, ya tsaya yana tambaya ko ya yi kuskure. Ko ka rubuta sunan asusun ƙarara a bango kusa da sunan shago, ko ka yi wa sunan rajista a hukumar CAC ka buɗe asusu da shi. Mai niyyar rajista ya bincika sunan tun kafin ya buga allo, domin hukumar tana ƙin sunan da wani ya riga ya ɗauka ko mai kama da shi sosai, kuma kalmomin da ke nuna alaƙa da gwamnati ba a sa su sai da izini. In ta amince, tana riƙe maka sunan kwana 60 ka kammala. Kada ka buga allo sannan a ce maka sunan na wani ne.

Ɓangaren mata

Shagon kitso da lalle hukuncinsa ya ɗan bambanta, kuma a nan na tambayi mai ɗakina da ƙawayenta kafin in rubuta. Matar aure ta unguwarmu ba daga titi take zaɓen makitsiya ba. A gidan biki take ganin shuku ko zane a kan wata, ko lalle a hannunta, ta ce, "Wa ta yi miki?" Amsar kuwa kullum Maman wance ce ko Anti wance. To wannan shi ne sunan shagon, ko an rubuta ko ba a rubuta ba. Wadda ba ta so, ko maigidanta ba ya so a kafa sunanta na yanka a titi, alkunyar da aka san ta da ita ta wadatar, kuma ta fi kusa da zuciyar mata.

Kuskuren da na fi gani shi ne cika allo da hotunan matan waje, kai a buɗe, da gashin kanti har gadon baya. In matan da ke son irin wannan kike nema, to kin yi daidai. Amma in matan unguwar nan kike so su zama naki, hoton yana gaya musu nan ba wurinsu ba ne, maigida ma in ya sauke ta sau ɗaya ya ga allon zai fara tambayoyi. Abin da mai hijabi take son sani kafin ta cire ɗankwali shi ne, maza suna shigowa? Ana hango ciki daga waje? Kalma biyu, Mata Zalla, da labule mai kauri a ƙofa, sun fi hoto goma jawo ta. A ƙarƙashin sunan a lissafa aiki uku kawai da aka fi iyawa, misali kitso, lalle, gyaran amare. In aka jera dilka da halawa da wankin kai da kwalliya da ɗinki da sayar da turare duk a allo ɗaya, rubutun zai ƙanƙance, kuma mai karatu za ta ce wannan ba ta ƙware a ko ɗaya ba. Lambar waya ma a yi tunani kafin a baza ta da manyan lambobi a titi. Mata da yawa sun koka da kiran marasa aikin yi da tsakar dare. A sa layin sana'a daban, ko a ba da lambar a hannu.

Iyakar abin da suna zai iya

Wani zai ce, Malam, in na sa sunana a shago, ranar da ba na nan fa? Gaskiya ne, wannan ita ce raunin shawarata. Mutum ya zo don Dogo ya tarar da yaron Dogo, in yaron ya ɓata masa kai, sunan Dogo ne ya ɓaci. In kuma za ka sayar da shagon, sunan ba zai amfani mai saye sosai ba. Wanda yake da jari, zai zuba kujera huɗu ya ɗauki ma'aikata shi yana wata harkar, gara ya nemi gajeren suna na wuri ko na siffa, kalma ɗaya ko biyu, ya yi masa gwaje-gwajen nan uku. Amma yawancin yaranmu kujera ɗaya ce ko biyu, su ne masu shago su ne masu aski. A wurinsu nauyin da sunan ke ɗora musu alheri ne. Wanda sunansa ke rataye a ƙofa ba zai yi wasa da tsabtace kilifa tsakanin kai da kai ba, domin in ƙuraje suka fito wa yaron mutane a ƙeya, an san wanda za a ambata a majalisa.

Don haka ga roƙona ga masu shagunan unguwa. Gobe da safe, kafin ka buɗe, je wurin mai shayi ko mai Keken bakin layinku, ka aiki wanda ba su sani ba ya tambaye su sunan da ke kan allonka. In sun nuna shagon, ka bar allonka yadda yake, ka yafe mini surutu. In sun yi shiru, sai ya kwatanta musu kai, ka ji abin da za su kira ka. Abin da suka faɗa shi za ka kai wa mai fenti.

Iyaye kuma, in yaro ya zo neman gudummawar buɗe shago, kada mu tsaya a kuɗin madubi. Mu tambaye shi me zai rubuta a sama, mu sa ya faɗa wa kakarsa. In ta iya maimaitawa, a buga.

Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya ba yaranmu kasuwa mai ɗorewa. Wassalam.